Shirwa ce ko shaho? Abin da aka tsayar kan hoton dutsen Kufena

Na tattara abin da 'yan'uwa suka faɗa kan tsuntsun da aka ɗauka yana shawagi a hazon hunturu.

1. An yarda launi ba abin dogaro ba ne. Hoton da aka ɗauka daga ƙasa, tsuntsu baƙi ƙirin yake fitowa. A dubi siffa.

2. Wutsiya tukuna. Ta shirwa doguwa ce mai baki biyu, tana murza ta tana juyawa. Amma in ta baje ta, tsagar kan ɓace, bakin ya miƙe kamar an datse da almakashi. Nan aka ruɗe, har da ni.

3. Fiffike: na shirwa ya tanƙware a gaɓa, gashin ƙarshensa a ware kamar yatsu. Shaho irin mai kai wa tattabaru sura, nasa tsini ne, babu yatsu. Ungulu kuwa faffaɗa, shimfiɗe kamar katako, wutsiya guntuwa.

Na hoton yana da yatsu da doguwar wutsiya, don haka shirwa ce.

Inda aka rabu shi ne baƙin bakinta. Wasu sun ce baƙuwa ce daga Turai mai zuwa da rani, wasu suka ce ƙaramar tamu ce da bakinta bai yi rawaya ba tukuna.