Idan rauta ta mutu ta tashi

A wani shagon haɗa na'urori a Agege, mun tattauna kan mitoci masu ƙaramar kwamfutar ESP32 da ke daina aika karatu ta waifai duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tada janareta. Ga abin da aka tsayar.

Tushen matsalar lokaci ne. Na'urar kan farka cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, rauta kuwa takan ci minti guda ko fiye. Famwaya, wato manhajar cikin mita, da ke gwada haɗuwa sau biyar ta haƙura ta sare tun rautar ba ta tashi ba. Shawarar ita ce kada a daina gwadawa, amma a riƙa ninka jira: daƙiƙa 1, 2, 4, har 60, a ƙara 'yan daƙiƙu da suka bambanta daga mita zuwa mita don kada mitoci hamsin su afka wa dillalin saƙo, wato sabar da ke karɓar saƙonni tana rarrabawa, lokaci guda.

Inda aka fi daɗewa shi ne tsarin matakai. Haɗuwa da waifai ba samun adireshin IP ba ne, don haka a jira `IP_EVENT_STA_GOT_IP` kafin a taɓa MQTT, tsarin da mita ke magana da dillali da shi. Wani ya nuna tarkon da ya fi cin mutane: soket ɗin da aka buɗe kafin rauta ta mutu yakan yi kamar yana da rai, saƙo kuwa ba ya isa. A rufe shi a buɗe sabo. In `keepalive`, wato iyakar tazarar da mita za ta yi ba ta tuntuɓi dillali ba, daƙiƙa 30 ne, dillali zai yanke bayan daƙiƙa 45 na shiru ya saki saƙon wasiyya, wanda mita ta bar masa don ya sanar idan ta ɓace.

Bayan dawowa a sake `subscribe` in zaman mai tsabta ne, wato dillali ba ya tuna abin da mita ta yi rajistar ji a baya. Alamar mantawa da wannan: na'ura na aika karatu amma ba ta jin umarni.