Labarina na maza biyu mace ɗaya ya ƙare tun a kashi na 8, ya zan yi?

Ummu Alƙalami:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Ina rubuta fim mai dogon zango kashi 26, kowanne minti 40. Salma ce a tsakanin Nura da suka taso tare, mai haƙuri, da Jabir ogan wajen aikinta, mai kuɗi da girman kai. To wallahi tun a kashi na 8 labarin ya tsaya min cak, kowa ya san Nura za ta zaɓa. Wai ya masu rubutu suke jan irin wannan har kashi ɗari? Kuma me ya sa kusan duk fim ɗin soyayya sai an sa mutum na uku ne?

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ni shawarata ki zaɓi mai haƙurin nan da kuka taso tare, kuɗi ƙarewa suke yi amma hali zanen dutse ne. Allah ya zaɓa miki mafi alheri.

Ummu Alƙalami:
Amin Baba na gode, amma fa labari nake rubutawa ba ni ba ce, ni da aurena da 'ya'yana uku 😂

Baban Yara:
Au, afuwan, ban karanta da kyau ba. To duk da haka dai Nuran.

Sarkin Kallo:
Ai abu mai sauƙi ne anti. Da kin ga sun kusa daidaitawa ki sa Nura ya yi hatsarin mota ya manta komai, kashi biyar kenan kin samu. In ya warke ki sa Salma ta hango shi da wata a mota ta ɗauka budurwarsa ce alhali ƙanwarsa ce, wasu ukun kenan. Haka 'yan Indiya suke yi har su wuce kashi dubu kuma ana kallo.

Malam Mai Biro:
Ƙanwata, kin ga amsar Baban Yara? Ita ce ciwon labarinki gaba ɗaya. Mutumin da ko karanta tambayar bai gama ba ya riga ya zaɓar wa Salma miji. In zaɓi ya yi sauƙi haka to ba mutum uku kike da su ba, masoya biyu ne da wani ɗan tare hanya.

Dalilin da ya sa ake yawan sa na uku, soyayyar da ta daidaita ba ta da abin kallo. Ranar da ya ce ina sonki ta ce ni ma, kuma babu abin da ya hana, labari ya ƙare. Dole a samo shinge. Talauci shinge ne, nisa shinge ne, amma su ba sa magana, ba sa ƙulla komai, talauci ba zai shigo falo ya tarar da su suna hira ba. Mutum kuwa yana shigowa, yana kishi, yana canja dabara, gobe ma ya ba ki tausayi. Ga araha wajen furodusa, jarumai uku da ɗakuna biyu da ofis sun isa a ɗauki rabin zango ba a fasa mota ko ɗaya ba. Sannan 'yan kallo rabuwa suke yi gida biyu suna musu tsakanin wannan kashi da na gaba, wannan musun talla ce ta kyauta.

Yanzu gyaran. Ki daina kallon mazan, ki kalli Salma. Me take so guda biyu waɗanda ba za su haɗu mata ba? A ce tana son zama kusa da mahaifiyarta da ba ta da lafiya, cikin mutanen da suka santa, wannan shi ne Nura. Kuma tana da burin karatu da aikin da ta binne shekara da shekaru, Jabir ne mutum na farko da ya duba aikinta ya ce ke fa kin fi ƙarfin teburin nan. Kin ga yanzu duk wanda ta ɗauka sai ta yar da wani ɓangare na kanta. Girman kan Jabir ki bar masa, amma ki ba shi abu ɗaya da Nura ba zai taɓa iya ba ta ba. Shi kuma Nura ki ɓata shi kaɗan, haƙuri zalla gundura yake yi.

Ga yadda zan ɓata shi, kuma nan ne jan labarin yake. A ce shekara 6 baya takardar gurbin karatu a ƙasar waje ta zo wa Salma ta hannun Nura, ya ɓoye don kar ta tafi ta bar shi. Ita har yau ta ɗauka ba a ɗauke ta ba ne. Sirri ɗaya ne tak, amma sau huɗu za ki ci shi. Kashi na 6 'yan kallo su gani, Nura shi kaɗai a ɗaki ya buɗe akwati ya zaro ambulan ɗin da ta yi ja don tsufa, ya kalla ya mayar, ba magana ko ɗaya. Daga nan duk alherin da ya yi mata mai kallo da ido biyu yake kallonsa. Kashi na 11 Jabir ya gano, wajen cike mata takardun wani kwas ya ga ai an taɓa ba ta gurbi. Ba zai faɗa ba, don in daga bakinsa ya fito za ta ce sharrin kishi ne, kuma lokacin mahaifiyarta na asibiti Nura ne ke kwana a can. Kashi na 14 Nura ya gane Jabir ya sani, sai ki zaunar da su biyu a mota ɗaya suna gaisawa cikin mutunci kowa cikinsa na tafasa. Salma sai kashi na 19 za ta sani. Kin ga kashi 13 kenan tsakanin sanin mai kallo da saninta, kuma babu inda aka tsaya, kowane mataki wani ne ya san abin da da bai sani ba, dole halinsa ya canja.

Maganar Sarkin Kallo akwai gaskiya ciki, ana yin hakan. Amma ka lura da tsarin 'yan Indiyan, kusan minti 20 ne kullum, ana kallo ana wani aikin, in ka rasa kwana uku ka dawo ka tarar da su inda ka bari, da gangan aka gina shi haka. Na Koriya da yawa kashi 16 ne na kamar awa ɗaya, shi ya sa tun da wuri kana gane waye na biyu, zafin rashin da zai yi ake sayar maka. Naki 26 ya fi kusa da wannan. Hatsari da mantuwa daga waje suke faɗowa, suna dakatar da agogo ne kawai, in ya warke an koma gidan jiya. Gwajin da nake yi, na cire kashi ɗaya gaba ɗaya na karanta na gabansa da na bayansa. In ban ji an rasa komai ba to wannan kashin ciko ne. Rashin fahimta kuma in kiran waya na minti ɗaya zai warware shi, kar ya kwana fiye da kashi ɗaya, mutane za su fara zagin Salma da wauta.

Hajiyar Gida:
Allah ya saka Malam, wannan na ƙarshen shi ya sa na daina kallon wani da na bi wajen wata huɗu. Yarinya yau tana wajen wannan, jibi ta koma wancan, sati ya zagayo ta dawo, na ƙirga sau bakwai wallahi, tun ina tausayinta har na koma ina addu'a su duka biyun su rabu da ita su huta. Abin da ya fi ƙona min rai da suka ga sun rasa yadda za su yi da na biyun, bawan Allah mai kirki tun farko, kawai dare ɗaya aka mayar da shi mugu har da sa a sace ta, don dai a samu hanyar jefar da shi. Raina hankali ne. Ummu don Allah kar ki yi wa Jabir haka.

Malam Mai Biro:
Hajiya ta faɗi gaskiya. A 26 ni ba na bari sikeli ya juya fiye da sau uku, kuma kowane juyi da abin da ya ci mata, wanda ba ya dawowa. Ta karkata ga Jabir ta rasa amincewar 'yan gidansu, ta koma ga Nura ta ajiye aikin. In ta juya kyauta sau biyu a jere mai kallo ya daina yarda da hawayenta. In kuma kin ji iska ta ƙare wajen kashi na 15 zuwa 20, shigo da ta huɗu, wata da ke son Nura tsakani da Allah. Mutum uku alaƙa uku ce tsakaninsu, huɗu kuwa shida ce, ninki kenan. Amfaninta babba shi ne Salma ta daina zama mai zaɓe ita kaɗai, ta ɗanɗana ita ma za a iya barinta. Sai dai ki nuna fuskar yarinyar tun kashi na 3 ko 4 ko da gaisuwa ce, kar ta faɗo daga sama.

Ɗan Lokeshan:
Malam komai na yarda amma banda tsara komai tun farko. Na yi aiki a wani shiri da marubuci ya rantse na farko za a ba, da aka fara haskawa mutane suka haukace a kan na biyun don shi da jarumar in suka tsaya gaban kyamara ko magana ba su yi ba ka ji wani abu, na farkon kuwa kamar wa da ƙanwa. Aka ƙi canjawa, ƙarshe ya sha zagi. A Brazil ma ai ana rubutawa ne ana haskawa, suna duba inda jama'a suka karkata. Ni dai ki bar ƙofa biyu a buɗe har ki ga jaruman.

Malam Mai Biro:
Jinin jarumai in ya haɗu ba a musu da shi, na yarda. Amma wanda bai san inda za shi ba shi ne yake ƙarewa da mayar da mutumin kirki mugu a kashi na 24. Ta san ƙarshenta, in za ta canja ta canja da sani ta koma ta gyara baya.

Ɗan Lokeshan:
Baya da an riga an haska ta ya za a gyara Malam 😅

Ummu Alƙalami:
Kai na gode ƙwarai, na zauna jiya da daddare na sa maganar takardar, sai ga wata sabuwar matsala. Yanzu ni kaina na kasa yafe wa Nura, shekara 6 fa ya cinye mata. In ta zaɓe shi a ƙarshe mata za su cinye ni, in ta bi Jabir kuma za a ce kuɗi ta bi. Kashi bakwai da suka rage bayan ta sani sun isa mutum ya wanke irin wannan laifin kuwa?

Hajiyar Gida:
In da bakinsa ya faɗa mata kafin ta gano, wataƙila. In kama shi ta yi, ni dai ban yafe ba.

Baban Yara:
Ni fa har yanzu Nura.