Baƙo ya shigo mana hoton Sallah, ta yaya zan yanke shi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da hoton da muka ɗauka ranar Babbar Sallah a ƙofar gida, mu bakwai a tsaye, Baba a tsakiya. Shi ne hotonmu na ƙarshe da shi kafin Allah Ya yi masa rasuwa. Matsalar, wani mutum da ba mu sani ba ya tsaya a gefen dama, dab da Yayanmu, yana kallon kyamara kamar ɗan gida. Ina so in wanke hoton babba in saka a firam a falon Mama. Na gwada yanke mutumin a waya, sai hoton ya zama wani iri, kamar duk mun karkata gefe ɗaya. Don Allah a taimaka.

Maman Biyu: Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Amma 'yar'uwa, kafin ki yanke shi ki fara nuna wa Mama hoton. Ni na taɓa cire wani dattijo daga hoton sunan ɗiyata, ashe ƙanin kakan mijina ne ya zo daga ƙauye. Har yau ana yi mini gori.

Mai tambaya: Amin, na gode. Mama ta gani, ta ce ba ta san shi ba. Wucewa yake yi ya tsaya.

Ɗan Zariya: Ai abu ne mai sauƙi. Akwai manhajojin da ke cire bayan hoto gaba ɗaya, a sa muku farin bango ko fulawa. Da shi da bango duk su tafi.

Mai tambaya: A'a Malam, ƙofar gidan ma ina son ta. A nan Baba yake shimfiɗa darduma kullum da yamma.

Mai studiyo a Fagge: Allah Ya gafarta masa. Hajiya, abin da ya sa kika ga kun karkata shi ne gefe ɗaya kawai kika yanke. Mai ɗaukar hoton ya bar fili hagu da dama, Baba yana tsakiya. Da kika cire dama, Yayanku ya manne da bakin hoto, can hagu kuma bango yana nan fetal, sai ido ya ga nauyi ya koma gefe. Dole abin da kika ɗauke a dama ki ɗauke wani abu makamancinsa a hagu, sannan ki rage sama da ƙasa. Ba mutumin kaɗai ake cirewa ba, sabon hoto ake fitarwa daga cikin tsohon.

Kafin mu je can, shiga Details na hoton ki faɗa mini lambobin da kika gani, irin su kaza sau kaza. Kuma wayar wa aka ɗauka da ita?

Mai tambaya: Ya nuna 1600 x 1200. Ƙanena ne ya ɗauka da wayarsa, ya turo mana a zauren gida na WhatsApp.

Mai studiyo a Fagge: To tsaya nan tukuna, kar ki ƙara taɓa wannan. Ba shi ne asalin hoton ba, WhatsApp ya matse shi. A waya zai yi kyau, amma a takarda mai girman inci goma fuskoki za su yi dishi-dishi, musamman bayan kin yanke wani ɓangare. Ki ce wa ƙanenki ya nemo shi a wayarsa ya turo miki ta Document, ba ta hanyar tura hoto da aka saba ba. Idan kyamarar mai megafiksel 12 ce, za ki ga wajen 4000 x 3000.

Mai tambaya: Alhamdulillah bai goge ba. Ya turo, 4000 x 3000 ne kamar yadda ka ce.

Mai studiyo a Fagge: Madalla. Fara da ajiye kwafi ɗaya a wani wuri, ki yi aiki a kan na biyu.

Abu na gaba, ki zaɓi girman firam kafin ki yanke, ba bayan kin yanke ba. A nan yawancin mutane suke faɗuwa. Hoton waya 4:3 yake fitowa, takardar wanki kuwa kowace da nata fasalin: 4x6 da 8x12 su ne 3:2, 5x7 shi ne 7:5, 8x10 kuma 5:4. Ke da kike rage faɗi, 8x10 ya fi dacewa da ke, domin ya fi sauran kusa da murabba'i, ba ya neman faɗi da yawa. Da 8x12 kika zaɓa, bayan kin cire mutumin sai kin yanke sama da ƙasa sosai kafin hoton ya cika takardar, kuma a nan ne huluna da ƙafafu suke tafiya.

Idan kina da manhajar gyaran hoto ta Snapseed, buɗe Crop ki zaɓi 5:4, kar ki bar shi a Free. Bari in yi miki lissafi da misali, ke kya daidaita da naki. A ce mutumin ya ci fiksel 700 daga dama. Kin cire, saura 3300. Ki cire 300 daga bangon hagu, saura 3000. A 5:4, faɗin 3000 yana tafiya da tsayin 2400, wato akwai 600 da za su fita tsakanin sama da ƙasa. Ni zan ɗauke kamar 450 daga sama, 150 daga ƙasa, don masu ɗaukar hoto da waya galibi suna barin sarari da yawa a saman kai. Ki raba 3000 da inci 10, kin samu fiksel 300 a kowane inci, daidai abin da muke so a wanki. Da wancan na WhatsApp kika yi wannan yankan, 1200 za ki rage da shi, wato 120 a inci. Kin ga bambancin.

Ba sai kin ƙirga fiksel da hannu ba. Ja akwatin kawai har ki ga filin da ke bayan kafaɗar na ƙarshen hagu ya yi kusa da wanda ke bayan kafaɗar Yayanku. Idan Baba ya dawo tsakiya ko kusa da tsakiya, kin samu.

Ɗalibar zane: Ni a makaranta an koya mana a raba hoto gida uku, a ɗora abin da ake so a kan layin ɗaya bisa uku, ba a tsakiya ba. Ina ga ta sa Baba a kan layin, zai fi kyau.

Mai studiyo a Fagge: Ƙanwata, wannan ƙa'idar tana aiki idan mutum ɗaya ne ko biyu da fili a gabansu. Mutum bakwai a jere suna kallon kyamara, in kika tura na tsakiya gefe, karkatar da take kuka da ita ce za ta dawo. Inda layin zai yi mata amfani shi ne na kwance: fuskokin su zauna kusa da layin sama, kar su faɗo tsakiyar hoto da uban sarari a kansu.

Mai tambaya: Na gwada, wallahi ya canza. Amma ga wata matsala. Daga kafaɗa zuwa sama akwai fili tsakaninsa da Yaya, sai dai hannun babbar rigarsa ya shigo bayan gwiwar hannun Yaya. In na cire rigar duka, sai na yanke hannun Yaya. Ga kuma inuwarsa a ƙasa, ta miƙo gaban ƙafafunmu.

Mai studiyo a Fagge: Dama na yi zargin haka, da wuya baƙo ya tsaya tsaf ba tare da ya bar wani abu ba. Hanya biyu ce.

Ta farko, ki tsayar da yankan a inda hannun Yaya ya cika, ki bar ɗan guntun rigar, sannan ki shafe shi da Healing da ke cikin Snapseed. Ki zuƙo hoton sosai, ki riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan, kar ki ja yatsa dogo. Healing yana kwaso abin da ke kewaye ne ya liƙa a wurin, don haka in bayan bangon siminti ne mai launi ɗaya, zai ɓace sumul. In kuwa ƙofar ƙarfe ce mai zane ko jerin bulo, layukan za su karye, kuma kusa da hannun Yaya yana iya jawo launin rigarsa ya shafa a bango. Yadda za ki gane ya ɓaci: gefen hannun zai yi kamar an goga masa yatsa a jiƙe. In kin ga haka, koma baya.

Ta biyu, ki haƙura da cikakken tsayi. Ki yanke kowa daga tsakiyar cinya, ki matso da gefunan biyu har su ɗan shiga hannun na ƙarshen hagu da na Yaya daidai wa daida. Inuwar ta tafi, rigar ta tafi, fuskar Baba ta ƙara girma. Sharaɗin kawai kar layin ya faɗa kan gaɓa. Gwiwa, idon sawu, wuyan hannu, gwiwar hannu, duk inda aka yanke a nan sai mutum ya yi kama da mai dungu. Tsakanin gaɓoɓi ake yanka. Ki duba kuma hannuwan da ke sake a ƙasa, kar layin ya raba yatsu da tafi. Amma ki sani fiksel zai ragu. In faɗin ya sauka zuwa 2000, kina da 200 a inci, kuma ga hoton bango da ake kallo daga kan kujera wannan ya isa.

Ɗan Zariya: Ni dai ban yarda a yanke hannun Yaya ba. Ka cire baƙo ka kuma rage ɗan gida? In ya zo falon ya gani fa?

Ɗalibar zane: In an yi wa gefen biyu iri ɗaya ba wanda zai lura. Amma ita ƙofar da take so fa? In aka matso haka rabin ƙofar ya tafi.

Baban Gaya: Ku bar ni in ba ku nawa. Na kai hoton ɗaurin auren ƙanena wani wurin wanki, na gyara abina a waya yadda nake so, na ce a yi mini 4x6. Da na karɓo, babu saman rawanin limamin, ga takalman kowa sun tafi. Yaron ya ce inji ne yake cika takarda da kansa, abin da ya yi yawa ya zubar. Ki tsaya a kansu su nuna miki a kwamfuta kafin su danna.

Mai studiyo a Fagge: Gaskiyar Alhaji ce, kuma shi ya sa na ce ta kulle 5:4 tun farko, injin ba zai samu abin zubarwa ba. Sai dai firam shi ma yana da nasa cin. Bakinsa yana rufe kamar milimita biyar a kowane gefe. Wannan zai iya yi miki amfani, Hajiya: in guntun rigar da ya rage siriri ne a can bakin hoto, firam ɗin da kansa zai haɗiye shi. Amma in kin manna yankan da hannun Yaya, hannun zai ci. Ki bar masa ɗan fili ko da faɗin ɗan yatsa ne.

Mai tambaya: Na yi duka biyun na ajiye. Na cikakken tsayin, rigar ta goge lafiya don bango ne a wurin, amma inuwar ta bar tabo a ƙasa, in ka zuƙo kana gani. Na cinyar ya fi tsabta, fuskar Baba ta fito sosai, sai dai ƙofar saura kaɗan. Na nuna wa Mama ta ce na farkon take so, Yaya ya ce na biyun.

Mai studiyo a Fagge: Wanke kowanne ƙarami tukuna, ki ce su fitar da hoton duka ko da zai bar farin gefe. Ki jingina su a bangon falon, ki koma kan kujerar Mama ki duba ko tabon inuwar yana ganuwa daga can.