Na fara zaman kaina a aikin sola, ya dace in nemi tsohon maigidana ya turo min masu son a yi musu aiki?

Nasiru Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na bar shagon da nake aikin haɗa sola, mun rabu lafiya da Alhaji, har addu'a ya yi min. Yanzu ina zaman kaina, amma ɗan aikin da nake samu duk na dangi ne. Ga zafi na tafe, kuma kun san daga Maris zuwa Mayu ake neman sola ido rufe a Sakkwato. Ina so in tura wa Alhaji da mutum 6 da muka yi aiki tare wannan saƙon: "Salam, na fara aikin kaina. Duk mai son sola, wayarin, kyamara ko gyaran janareta a tuna da ni." Ya yi haka? Kuma ya dace in tura wa shi Alhaji, tunda sana'armu ɗaya?

Ɗan Gidan Dare:
Wa alaikumus salam. Buga katin talla guda 500 ka raba a masallacin Juma'a, an gama.

Hajiya Balki:
Nasiru ƙanena, ni lissafin shaguna nake riƙewa, kuma masu shagon da na fara samu duk ta hannun tsofaffin abokan aikina suka zo. Saƙonka ba zai kawo aiki ba. "A tuna da ni" ba ya sa mutum ya tuna da kowa, zai ce in sha Allah ya wuce. Ka lissafa sana'a huɗu, wanda ya karanta bai san wacce zai riƙe ba. Zaɓi aiki ɗaya da irin mutum ɗaya, yadda yana karantawa fuskar wani za ta faɗo masa. Misali:

"Salam Malam Kabiru, Nasiru ne da muka yi aiki tare wurin Alhaji. Yanzu ina haɗa ƙaramar sola ta masu kemis da shagunan sanyi: inbata 3.5kVA da batir biyu, ta riƙe firji da fanka. Ka san mai kemis ɗaya da rashin wuta ke damu? In akwai, tura masa wannan saƙon, ko ka tambaye shi ko in kira shi. In babu, ba komai."

Mutum ɗaya ka nema, ba "duk wanda" ba. Ka sa hoton aiki ɗaya da hannunka ya yi. Kuma ka tura wa kowa daban da sunansa, don saƙon da aka watsa wa jama'a a WhatsApp ba ya ma isa ga wanda bai ajiye lambarka ba.

Mainasara Runjin Sambo:
Ni dai kar ka kuskura ka tai wurin maigidan nan. Abin da yas same ni ke nan. Na yi wa wani mutum aikin famfo shekara da shekaru, da nib bar shi sai nit tai da kaina nic ce in an samu aiki a tuna da ni. Yac ce akwai wani gida a Arkilla, in tai in duba. Nis sha mai, nig gwada bututu, nir rubuta kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, har da tanki da mahaɗai. Sai yac ce in kawo mishi takardar shi duba mini kar a cuce ni. Bayan sati biyu ina wucewa nig ga yaranshi na aikin, da takardata a hannunsu. Mai gidan ma cewa yay yi ai an hwaɗa mishi ni yaron shago ne anka aiko awo. Wallahi har yau in na bi layin nan raina ɓaci yake.

Ummu Sadiq:
Innalillahi. Allah ya saka maka Malam Mainasara. Ba ka kai ƙara wurin shugabannin sana'arku ba?

Mainasara Runjin Sambo:
In ce mi? Babu shaida, kuma shi babba ne. Cewa za a yi ban da kunya.

Injiniya Tukur:
An cuce ka, amma duba inda abin ya lalace: takardar farashi ta bi ta hannun wanda ya haɗa ku. Daga ranar da aka haɗa ka da mai aiki, takarda tsakaninka da shi take, da sunanka a sama. Nasiru, game da Alhaji: kar ka nemi mutanensa, ka nemi aikin da ba ya so. Babban shago ba ya son tura mota da yara Dange ko Bodinga don a canza batir ɗaya ko a wanke fanel bayan ƙurar hunturu. Ce masa, "Ranka ya daɗe, ƙananan ayyukan da ba ku da lokacinsu, in an kira a ba su lambata, ni kuma in babban aiki ya fi ƙarfina ku zan kawo wa." Kuma in kana iya sayen kaya a shagonsa, faɗa masa, shi ne ribarsa. La'ada kuwa kashi 10 cikin 100 na kuɗin aiki nake ba wanda ya kawo ni.

Shehu Tsohuwar Kasuwa:
Kashi 10? Injiniya a ina? Mu kashi 5 muka sani, shi ma in aikin ya kai.

Injiniya Tukur:
Na kuɗin hannu nake nufi, ban da kuɗin kaya.

Shehu Tsohuwar Kasuwa:
To wanda ya kawo min aiki a Wamakko a kan jimilla ya lissafa nasa, har da batir.

Ummu Sadiq:
Ni kuma ina ganin ba Alhaji kuɗi raini ne. Turare ko goro dai, da godiya.

Ɗan Gidan Dare:
A turo ni in karɓar wa Alhaji la'adar, ni ba na jin raini ko kaɗan.

Mainasara Runjin Sambo:
Hajiya Balki, ba raini ba, amma ke ofis kika sani. Ba ki taɓa hawa kwano da tsakar rana ba. Dattijon Sakkwato za a tura ma saƙon waya awa abokin wasa?

Hajiya Balki:
Ban hau kwano ba Malam, amma neman aiki a hannun wanda ya san ka iri ɗaya ne. A nan dai ka yi gaskiya, saƙon da na rubuta na su Kabiru ne. Alhaji ƙafa za a taka a gaishe shi, a faɗi buƙata a taƙaice, sannan a tura rubutun don ya samu abin da zai miƙa wa wani. In mako ya wuce shiru, Nasiru ya tuntuɓa sau ɗaya, ya bari. Wanda kuma ya turo mutum, a koma a gaya masa yadda aka ƙare, ko aikin bai yiwu ba. Rashin wannan ne ke sa ba a sake turowa.

Shehu Tsohuwar Kasuwa:
Duk ba wannan ba, matsalar wanda sani ya turo ita ce biya. Sai ya ce ai wane ne ya haɗa mu, a yi ragi, a kuma jira ƙarshen wata. Ina bin wani cikon N45,000 tun azumin bara. In na matsa, wanda ya haɗa mu ya ji kunya, in na yi shiru yarana ba su da na cefane.

Injiniya Tukur:
Kuɗin kaya gaba ɗaya kafin a fara, rabin kuɗin hannu a ranar farko, ko wa ya turo shi.

Ummu Sadiq:
Ku ma masu aiki ku ji tsoron Allah. Mun biya duka kafin a fara, batir ɗin bai kai damina ba ya daina riƙe wuta, mai aikin kuma ya daina ɗaukar waya. Maƙwabcinmu da ya kawo shi yanzu ko gaisuwa da ƙyar.

Nasiru Mabera:
Na gode ƙwarai. Na gyara saƙon na tura wa mutum 3, ɗaya ya ce akwai mai kemis a Minanata, zai yi masa magana. Na Alhaji ne har yanzu ban yanke ba, labarin Baba Mainasara ya tsaya min a rai. Injiniya, in na je, ni zan fara ɗago maganar la'ada ko in jira shi?

Shehu Tsohuwar Kasuwa:
Ummu Sadiq, wane irin batir aka sa muku, mai ruwa ko busasshe? In mai ruwa ne, kun taɓa ƙara masa ruwan batir kuwa?