Mu biyu za mu gabatar da rahoto ɗaya: yaya za mu rubuta wuraren miƙa wa juna magana?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar unguwarmu, kuma ranar Asabar mai zuwa ni da ma'ajinmu, wanda ya girme ni, za mu gabatar wa dattawa rahoton gyaran rijiyar burtsatse cikin minti 15. A bara mun ji kunya, domin kowannenmu ya yi tasa doguwar gaisuwar, na faɗi kuɗin da shi ya kamata ya faɗa, sau biyu muka fara magana a tare, har shugaban taro ya tsayar da mu ba mu kai ga roƙon da muka zo yi ba. Ina neman shawara a kan yadda za mu rubuta jawabin.

Tsohon mai gabatar da shirye-shirye a rediyo: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Abin da na koya a shekarun da na yi ina gabatar da shiri da abokin aiki shi ne, jikin jawabi yana iya zama 'yan kalmomin tuni a takarda, amma jimlar da kake ajiye magana da ita da jimlar da abokinka zai ɗauka da ita, waɗannan biyun sai an rubuta su kalma bayan kalma, kuma kowannenku ya san ta ɗan'uwansa kamar yadda ya san tasa.

Ku fara da rage yawan miƙawar. A minti 15 sau uku ya isa. Kai ka buɗe ka bayyana abin da ya lalace da yadda aka gyara cikin minti 4, ma'aji ya karɓa ya yi bayanin kuɗin da aka tara da wanda aka kashe cikin minti 5, ka dawo da abin da ya rage a yi cikin minti 3, shi kuma ya rufe da roƙon gudummawa cikin minti 2. Wannan minti 14 ke nan, kuma ɗayan da ya saura kada ku cika shi da komai, domin miƙa makirufo da gyaran murya da salatin da jama'a za su amsa za su cinye shi. Na ba ma'aji rufewa ne saboda roƙon kuɗi ya fi nauyi a bakin wanda ya gama nuna inda kuɗin baya ya tafi.

Jimlar miƙawa mai kyau tana rufe batunka, tana tayar da tambayar da ɗan'uwanka ne kaɗai ke da amsarta, sannan sunansa ya zo a ƙarshe. Misali, ka ce: "Da haka ruwa ya dawo bayan an sauya famfon da bututu biyu. Na san abin da ke ran kowa yanzu shi ne nawa aikin ya ci, kuma daga ina kuɗin ya fito. Mai amsar wannan shi ne Malam Ma'aji." Daga nan sai ka yi shiru, ka juya ka dube shi, ka ja baya taku ɗaya. Idan ka ambaci sunansa tun a farkon jimlar, zai buɗe baki kana tsakiyar magana, kuma ina kyautata zaton abin da ya same ku a bara ke nan. Shi kuma kada ya sake sallama ko jero sarautun da ke zaune. Ya kama kalmar da ka bari kawai: "Kuɗin ya fito ne daga hanyoyi biyu." Wanda ke sauraro zai ji zare ɗaya ne bai tsinke ba.

Takardar ku raba ta gida biyu, hagu naka, dama nasa, ku ja layi mai kauri ƙarƙashin jimlolin miƙawa, kuma kowa ya riƙe cikakken kwafi. Duk adadin kuɗi ya zauna a gefen ma'aji. Idan kuka ga lamba ta bayyana a gefenka, ku goge ta.

Wani dattijo: Ɗana, ai muna da abin koyi a gida. Ka dubi tafsirin watan azumi, yadda alaramma ke jan baƙi malam yana fassarawa, ba sa cin karo ko sau ɗaya. Ku yi haka, kai jimla ɗaya, shi jimla ɗaya, mutane ba za su yi gyangyaɗi ba. Kuma tunda ya girme ka, shi ya kamata ya buɗe taro da gaisuwa.

Tsohon mai gabatar da shirye-shirye: Baba ya kawo misali mai kyau, sai dai abin da ke hana su cin karo shi ne aikin kowa daban ne, kuma ayar da kanta tana nuna inda za a tsaya. Rahoton kuɗi ba shi da wannan iyakar, saboda haka idan suka riƙa karɓeɓeniya jimla bayan jimla, wuraren da za a iya yin tuntuɓe sun tashi daga uku zuwa talatin, kuma dattijon da ke ƙoƙarin haɗa lissafi a kansa zai rasa wanda zai kalla. Maganar girma kuwa Baba ya fi ni gaskiya. Ma'aji ya yi sallama da gaisuwa a madadinsu duka cikin rabin minti, ya gabatar da sakatare, miƙawa ta zama huɗu, kuma a ɗebi wannan rabin mintin daga ɗayan da na ce a bari.

Wani matashi: Idan na fahimta daidai, ɗayanku zai yi Turanci ɗayan ya fassara ne. To ku sani lokacin zai ninka, minti 15 ɗin ya zama kamar bakwai da rabi.

Mai tambaya: Na gode, ƙanina, amma da Hausa za mu yi gaba ɗaya.

Malamar makarantar sakandare: Ina so in ƙara abin da ya faru da ni a taron iyaye da malamai. Mun rubuta jimlolin miƙawa, mun haddace su sarai, sai abokiyar aikina ta tsallake sakin layi guda saboda fargaba, ta tsaya ba tare da ta faɗi jimlar da nake jira ba. Na tsaya ina kallonta, tana kallona, zauren ya yi tsit har ana jin ƙarar fanka. Tun daga ranar nake cewa a tanadi alama ta biyu wadda ba ta dogara da kalmomi ba, kamar ajiye makirufo a kan tebur, kuma mai karɓa ya riƙe jimlar ceto irin "Bari in ɗora daga nan." Game da gwaji kuma, ba sai kun maimaita jawabin duka sau goma ba. Ku yi shi cikakke sau biyu da agogo a gabanku, sannan ku maimaita wuraren miƙawar kaɗai, jimla biyu kafin da jimla biyu bayan, a tsaye, da wani abu a hannu a matsayin makirufo. Ku kuma raba tambayoyi tun yanzu: na kuɗi nasa, na aiki naka, wanda bai faɗa ko'ina ba kai ka fara amsawa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Idan ma'aji ya zarce mintinsa biyar, kamar yadda ya saba, yaya zan yi ba tare da na katse babba a gaban jama'a ba?

Malamar makaranta: Ku yarda a kan alama tun a gida, misali ka matso kusa da shi taku ɗaya idan saura minti guda.

Dattijo: Ni dai ban yarda yaro ya matsa wa babba a gaban mutane ba, ko da taku ne. Ka sa alama a sashenka na biyu a kan abin da za ka iya zubarwa, idan ya ci lokacinka ka rage naka, ka mayar masa da magana da wuri don roƙon ya samu shiga.

Mai tambaya: Zan kai masa shawarwarin biyu yau bayan la'asar, in ji wadda zai zaɓa da kansa.