Kuɗin sallama ya ƙi fitowa: asusun ne ya gaza, ko me?

Tsohon Hedimasta, Ringim: Assalamu alaikum. Na ajiye aiki bayan shekara 35 ina koyarwa a firamare. Fansho na wata-wata yana shigowa, alhamdu lillahi, amma garatuti har yau ana cewa mu bi layi. Shekara da shekaru ana yankar mini kuɗi a albashi. Ina so waɗanda abin ya shafa su faɗi yadda tasu ta kasance, domin ni na kasa gane inda kuɗina ya shiga.

Ɗan Bichi: Wa alaikumus salam, Malam. Mahaifina ya rasu yana jiran nasa, mu magada muka ci gaba da zirga-zirga da fayil. Ni dai a ganina ci ne kawai. Ƙasar da yara suka fi manya yawa, a ce wai tsofaffi sun yi wa asusu nauyi? Wannan zancen Japan ne, ba namu ba.

Akanta Mai Ritaya, Gumel: Allah ya jiƙan mahaifinka, Ɗan Bichi. Ci yana faruwa, kuma gwamnati kan yanki kuɗin ma'aikaci ta ƙi zuba nata kason. Amma na daɗe ina haɗa lissafin albashi a ƙaramar hukuma, kuma ko da babu wanda ya taɓa sisi, akwai wata matsala a ƙarƙashi.

Malam, kuɗin da aka yanka maka ba a ajiye shi da sunanka ba. A tsarin Kano da Jigawa tukunya ɗaya ce: ma'aikaci ya ba da kashi 8, gwamnati ta ba da kashi 17, daga nan ake biyan waɗanda suka riga suka bar aiki. Naka ya biya na gabanka, kai kuma na bayanka ne za su biya ka.

Mu ɗauki misali. A ce albashi naira 100,000 ne, abin da ke shiga asusu a kan mutum ɗaya 25,000. A ce ɗan fansho yana karɓar 60,000. Idan ma'aikata biyar ke bayan kowane tsoho, 125,000 ta shigo, a biya shi, rarar 65,000 ta tafi garatuti da jari. Idan suka koma biyu, 50,000 ce ta shigo, ko fanshon watan bai cika ba. Garatuti kuwa dunƙule ne. Idan ya kai albashin shekara uku, miliyan 3.6 ke nan, wato gudummawar ma'aikata 144 ta wata guda a kan mutum ɗaya. Shi ya sa idan asusu ya fara shaƙewa, garatuti ne ke fara tsayawa alhali na wata-wata yana tafiya. Wannan ce alamar farko, kuma ita ce Malam yake gani.

Batun yara kuwa, gaskiya ne Japan ta bambanta da mu, can kusan kashi 30 na jama'a sun kai 65 ko sun haura. Amma asusu ba ya ƙirga yaran gari, masu zuba kuɗi kawai yake ƙirgawa. Manomi da ɗan acaɓa da mai shago ba sa ciki. Ƙasa tana iya zama ta matasa, asusunta ya tsufa.

Maman Sadiya, Rano: Wallahi Baba Akanta na ga wannan da idona. A asibitin ƙauyen da nake aiki, manya sun yi ta ritaya ba a maye gurbinsu da ma'aikatan dindindin ba. Yaran da ke taya mu na wucin gadi ne, alawus ake ba su, ba a yankar musu komai na fansho. Aikin yana tafiya, amma asusun bai san da su ba.

Tsohon Hedimasta: To ai mu malamai haka abin yake. Lokacin shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE, a 1976 an ɗebi malamai rututu, kuma wanda ya shiga a shekarar ya cika 35 a 2011. Tare aka shiga, tare aka fita.

Akanta Mai Ritaya: Haka ne, Malam. Kuma waɗanda aka ɗauka bayan ƙirƙiro Jigawa a 1991 su ma wa'adinsu ya zo ɗaya. Ƙara da cewa wanda ya fara aiki yana ɗan 20 zai fita yana 55. Idan Allah ya ba shi rai zuwa 80, shekara 25 ana biyansa. Tsawon rai ni'ima ce, amma dole lissafi ya san da shi.

Alhaji Manomi, Auyo: Ni ban taɓa aikin gwamnati ba, amma na fahimta, don gandu ne. Mu shida muke yi wa mahaifinmu noma, rumbu ba ya ƙarewa. Ni yanzu 'ya'yana suna Kano da Abuja, ɗaya ne ya rage a gona. Tambayata, mu da ba mu da fansho fa, wa ya tuna da mu?

Ɗan Bichi: To a koma tsarin tarayya mana, kowa da asusunsa da sunansa. Babu mai cin na wani.

Injiniya, Kazaure: Ni a cikinsa nake. Dokar 2004 ta kawo shi, ta 2014 ta mai da gudummawar kashi 8 daga ma'aikaci, 10 daga mai ba da aiki, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, na sa ido. Ina ganin abin da na tara a waya, wannan gaskiya ne. Amma abin da ka tara shi ne naka, babu alkawarin kaso kaza na albashinka na ƙarshe. A 2024 tsadar kaya ta haura kashi 30, ribar asusuna ba ta kamo ta ba. Yayana ya fita a wannan tsarin, abin da yake karɓa bai kai na abokinsa na jiha ba.

Akanta Mai Ritaya: Kuma sauyawar kanta akwai tsada. Ranar da matasa suka fara zuba nasu a asusun kansu, wa zai biya su Malam? Sai gwamnati ta biya bashin tsofaffi daga baitulmali, tana kuma zuba wa sababbi. Biya biyu ke nan na shekaru masu yawa.

Sauran hanyoyin kowacce akwai wanda za ta taka. A ƙara kason da ake yanka, ma'aikaci ya yi kuka. A rage abin da ake biya, ko a bar shi ba ƙari tsada ta cinye shi, tsoho ya yi kuka, ga shi sashe na 210 na tsarin mulki ya ce a riƙa duba fanshon jiha duk shekara biyar ko idan an ƙara albashi. Ko a ƙara shekarun aiki: Jamus na hawa zuwa 67, Faransa ta yi dokar 62 zuwa 64 a 2023 aka cika tituna da zanga-zanga, mu ma dokar tarayya ta 2022 ta ba malamai shekara 65 ko 40 na aiki. Wannan ta fi ƙarfi a lissafi, domin mutum ya ƙara shekara biyar yana zubawa, ya rage biyar yana karɓa.

Maman Sadiya: Baba, a nan ban yarda ba. Ɗana ya gama NCE yana zaune. Idan manya suka ƙara shekara biyar, yaushe gurbi zai buɗe? Ba kai ka ce matasa asusun yake buƙata ba?

Akanta Mai Ritaya: Kina da hujja, Hajiya. Idan yawan guraben bai ƙaru ba, jinkirta matsalar aka yi. Ni da za a ji tawa, a fara da mai da na wucin gadi dindindin, a tilasta zuba kashi 17 kowane wata, a kawo masana lissafin fansho su auna asusun a fito da sakamakon fili. Amma ɗaukar ma'aikata ma sai jiha tana da kuɗin albashinsu.

Tsohon Hedimasta: Na gode, Akanta. Wata tambaya: layin garatutin nan, da ranar ritaya ake bi ko da ranar da fayil ya kammala? Wani da ya fita bayana ya karɓa.

Ɗan Bichi: Mu an ce mana ranar kammala fayil, kuma na mamaci sai an haɗa da takardar gado daga kotu. Malam, ka je ka duba ko akwai takardar da ta rage a naka.