Wa ya taɓa goge imel mai muhimmanci da jan yatsa, kuma ya kuka gyara saitin?

Baban Khalifa: Salam jama'a. Ina so mu haɗa abin da kowa ya gani game da wannan jan saƙo hagu ko dama da ake yi a manhajar imel ta waya. Ni Gmail nake amfani da shi a Android, kuma kwanaki na mayar da jan hagu ya zama Delete saboda tallace-tallace sun ishe ni, to yanzu duk lokacin da nake gangarawa ƙasa da babban yatsa sai in ga wani saƙo ya zille gefe ya ɓace, wani lokacin ma ban san wanne ba ne. Wanda ya saita nasa ta yadda hakan ba ya faruwa ya faɗa mana yadda ya yi da kuma irin wayarsa.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ni nawa ba yatsana ba ne ma, yarinyata ce mai shekara biyu. Na ba ta wayar ta kalli katun ina girki, ashe ta fita ta shiga imel tana ta ja tana dariya don tana ganin kala na fitowa. Da daddare na zo neman rasit ɗin kuɗin makarantar yayanta babu shi babu dalilinsa, inbos ya yi fayau, wallahi har gumi na yi. Ƙanina ne ya duba ya ce ba a goge ba, wai suna All mail. Har yau ban gane bambancin ba sosai, na dai ga sun dawo.

Injiniya Sokoto: Maman Ilham kin yi sa'a ne don ba ki taɓa saitin ba. Gmail in aka sauke shi, jan hagu da jan dama duka Archive suke yi, wato saƙon ya bar inbos kawai amma yana nan cikin All mail ba ranar da zai ɓace, kuma in wanda ya turo ya sake rubuto amsa a kai zai dawo inbos da kansa. Delete shi ne mai haɗari, shi Trash yake kai saƙo, bayan kwana 30 kuma a share shi gaba ɗaya.

Baban Khalifa ga hanyar a Android. Taɓa layuka ukun nan na sama ta hagu, gangara ƙasa zuwa Settings, sai General settings, sai ka nemi Swipe actions, a wasu wayoyin an rubuta Mail swipe actions. Za ka ga Right swipe da Left swipe kowanne da Change a gefensa. Zaɓin da ke ciki su ne Archive, Delete, Mark as read/unread, Move to, Snooze da None. Ni nawa dama na sa None, hagu na sa Mark as read/unread, don haka ko wayar ta faɗa hannun yaro mafi munin abin da zai yi shi ne ya mayar da saƙo kamar an karanta. In zan goge abu sai in danne saƙon ya zaɓu sannan in taɓa hoton kwandon shara a sama, taki biyu ke nan, kuma yatsa ba ya yin taki biyu bisa kuskure.

Ɗan Kantin Kwari: Ai duk wannan dogon zance ne Injiniya. A General settings ɗin nan dai in ka gangara can ƙasa akwai Confirm before deleting, ka kunna shi shike nan, duk abin da za a goge sai ya tambaye ka. Ni haka na yi na huta.

Injiniya Sokoto: Yana nan kam, ƙarƙashin Action confirmations, kuma yana da kyau a kunna. Amma ka gwada shi da jan yatsa? A tawa wayar in na taɓa kwandon shara yana tambaya, in na ja saƙo gefe kuwa ba ya tambayar komai, wucewa kawai yake ya bar min Undo a ƙasa.

Ɗan Kantin Kwari: To ni dai ban lura ba gaskiya, nawa jan a Archive yake tun asali, ƙila shi ya sa ban taɓa ganin matsala ba. Bari in tura wa kaina saƙo in gwada anjima in an tashi kasuwa.

Hajiya Zinder: Ku yi haƙuri ni ma ina da irin wannan, a WhatsApp duk lokacin da na ja saƙo sai ya shiga ba da amsa, sau nawa ina tura magana ƙarƙashin saƙon da ba shi nake nufi ba a gurup ɗin dangi. Nan ma General settings ɗin zan shiga?

Maman Ilham: A'a Hajiya wannan na imel ake magana, na WhatsApp daban ne, shi ba ya goge komai ai, sai dai ki taɓa ɗan kuros ɗin ki cire kafin ki tura.

Abu Sumayya: Bari in ba ku nawa don shi ya kai ga asara ko kusa da ita. Na nemi aiki a wani kamfani a Kaduna, suka ce za su turo ranar intabiyu ta imel. Ina cikin Keke Napep hanya duk ramuka ina duba waya da hannu ɗaya, na ga wani abu ja ya wulga a allo da rubutu a ƙasa, kafin in karanta ya tafi, ban kawo komai a raina ba. Ashe saƙonsu ne na ja. Abin da ya fi ɓata min lokaci shi ne na yi ta rubuta sunan kamfanin a wurin bincike ba ya fitowa, sai na ɗauka ba su turo ba ne, ina ta jira. Wani abokina ne ya ce min binciken Gmail na yau da kullum ba ya leƙa Trash da Spam, sai ka rubuta masa haka kafin sunan:

```
in:anywhere
```

Ina rubutawa da sunan kamfanin a gaba sai ga saƙon a Trash, saura kwana biyu intabiyun. Na buɗe shi, na taɓa ɗigo ukun sama, Move to, na mayar da shi inbos. Da a ce ya wuce kwana 30 a can da ko wannan ba zai fito da shi ba. Kuma wani abu da na lura, ba saƙo ɗaya ya tafi ba, duk hirar ce gaba ɗaya har da takardun da na fara tura musu da amsarsu ta farko, saboda Conversation view yana haɗa su layi ɗaya, ja ɗaya ya kwashe duka.

Baban Khalifa: Subhanallah. To in ka goge a waya ba ya rage a kwamfuta? Ni na ɗauka na kwamfuta yana nan.

Abu Sumayya: Ba ya ragewa Malam, akwati ɗaya ne, na duba a laftof ɗin ma ya koma Trash. Yanzu dai duka ɓangarorin None na sa, ba na son wasa.

Injiniya Sokoto: Ka tuna min wani abu Abu Sumayya. Yawancin masu wannan kuka in ka duba wayarsu babu maɓallan nan uku na ƙasa, da jan yatsa suke komawa baya, tsarin da ya zo tun Android 10. Komawa baya sai ka ja daga can bakin allo, to in yatsanka ya sauka ɗan ciki kaɗan, musamman in kondon wayar yana da kauri a gefe, wayar ba ta ɗauke shi a komawa baya ba, Gmail ne zai ɗauka a matsayin an ja saƙon da ke ƙarƙashin yatsan. Alamar ita ce kana son fita daga inbos sai ka ga layi ɗaya ya yi kala ya tafi kai kuma ba ka fita ba. Maganin ko dai ka duba da wane gefe kake komawa baya ka sa None a jan da ya yi daidai da shi, misali mai jawowa daga bakin dama zuwa ciki Left swipe zai kashe, ko ka shiga saitin wayar kanta ka dawo da maɓallai uku. Sunan wurin ya bambanta tsakanin Samsung da Tecno da sauransu, ka rubuta navigation a binciken Settings zai fito.

Ummu Hanan: Masu iPhone ku kula, namu ya ɗan fi rikici. In Gmail ɗin kuka sauke to kusan ɗaya ne, Settings, Inbox customizations, Mail swipe actions. Amma Mail ɗin da ya zo da wayar ba a cikinsa ake saitawa ba, sai an je Settings na waya, Mail, Swipe Options, daga iOS 18 zuwa sama kuma sai an fara shiga Apps. Na je can na mayar da komai None ina murna, washegari na ja saƙo hagu har ƙarshe ya sake tafiya. Ashe wancan dogon jan ba Swipe Options ke riƙe da shi ba. Sai da na shiga akawun ɗin imel ɗin a cikin saitin Mail, na je Advanced, wurin Move Discarded Messages Into na cire shi daga Deleted Mailbox na sa Archive Mailbox. Yanzu ko na ja har ƙarshe ajiyewa yake ba gogewa ba. In akawun biyu gare ku kowanne sai an yi masa nasa. Kuma in kuskuren ya faru nan take, girgiza wayar yana kawo tambayar Undo, mutane na kallona kamar mai aljanu a ofis amma yana aiki.

Malam Accra: Ni fa ban yarda da wannan Archive da kuke ta yabo ba. Shi ya cika min akwati. Shekara da shekaru ina ja ina tsammanin sharewa nake, ranar da aka ce 15 GB ɗina ya cika saƙo ya daina shigowa sai na ga duk tarkacen suna All mail. Na gwammace Delete, kwana 30 ai ya isa mutum ya gane ya yi kuskure.

Abu Sumayya: Ya isa in ka san ka yi kuskuren. Ni ai ban sani ba, kuma takarda irin rasit ko ta fili sai bayan wata shida ake nemanta.

Injiniya Sokoto: Gaskiyarka Archive ba ya rage wuri ko kaɗan Malam Accra, amma 15 GB ɗin nan da Drive da Photos ake rabawa, ka duba tukuna, sau da yawa hotuna ne suka cinye ba imel ba. In imel ne, rubuta wannan a bincike ka goge manyan da hannunka:

```
larger:10M
```

Malam Accra: Zan duba, amma dai hagu na bar shi a Delete, dama kawai na kashe tunda da hannun hagu nake riƙe waya kuma ta nan nake komawa baya. Duk Juma'a ina leƙa Trash kafin in bar shi.

Baban Khalifa: Na gode kowa da kowa, Allah ya saka. Na sa dama None, hagu Archive, na kuma kunna Confirm before deleting ɗin. A Trash na tarar da alat ɗin banki da wasiƙar makarantar Khalifa, na mayar da su. Ɗan Kantin Kwari muna jiran sakamakon gwajinka. Kuma ko akwai mai Outlook a waya? Na ofis ɗinmu shi ne, na ga Swipe options a Settings ɗinsa amma ban taɓa ba tukuna, ina so in ji ko saitin yana bin akawun ne ko sai na sake yi a ɗaya wayar.